Cajin masu POS: a duba inda tsabar kuɗin take fitowa kafin a yanke mana hukunci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili in yi bayani a kan koken da jama'a ke yawan yi cewa masu sana'ar POS sun mayar da cire kuɗi hanyar tatsar talaka. Ni mai ƙaramar rumfa ne a bakin titi a nan Kano, ina ba da kuɗi, ina tura kuɗi, ina kuma sayar da katin waya da data. Ban zo in wanke kowa ba, domin akwai masu zalunci a cikinmu, kuma abin da wasu suka aikata a farkon shekarar 2023, lokacin ƙarancin kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira, abin kunya ne. Amma mafi yawan masu kokawa suna ɗauka cewa naira 200 da suke biya a kan cire naira 10,000 aljihunmu take shiga gaba ɗaya, alhali lissafin ba haka yake ba.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, jarin mai POS kashi biyu ne. Akwai tsabar kuɗi da ke cikin akwati, akwai kuma kuɗin da ke cikin asusun na'urar. Idan mutum ya zo ya ciri naira 10,000, tsabar da ke hannuna ta ragu da 10,000, asusuna kuma ya ƙaru. Idan wani ya kawo tsaba domin in tura wa ɗan'uwansa, akwati ya ƙaru, asusu ya ragu. Jimillar jarin ba ta canza ba, amma duk lokacin da ya taru a ɓangare ɗaya ciniki ya tsaya cak. Mutumin da yake da naira 300,000 a asusu ba shi da ko sisi a akwati ba zai iya sallamar matar da ta zo cire naira 5,000 ta yi cefane ba, sai dai ya ba ta haƙuri ta wuce rumfa ta gaba.

A unguwanni irin namu masu cire kuɗi sun fi masu turawa yawa nesa ba kusa ba, musamman a ƙarshen wata da lokacin Sallah. Saboda haka kafin azahar akwati ya yi fayau, dole ne a nemo tsaba. A ƙa'ida banki ya kamata a nufa, to amma wanda ya saba zuwa ya san yadda ake yi. Za ka rufe rumfa, ka biya kuɗin A Daidaita Sahu, ka bi layi, sannan a wasu ranakun a ce maka abin da za a iya ba kowa bai wuce naira 20,000 ba. Injin cirar kuɗi na banki kuma ba mafita ba ne, domin tun daga watan Maris na 2025 wanda ya ciri kuɗi a injin bankin da ba nasa ba yana biyan naira 100 a kan kowace 20,000, idan ma an yi sa'a akwai kuɗin a ciki. Abin da ya rage shi ne sayen tsaba daga gidajen mai da manyan 'yan kasuwa, waɗanda ke tara ta da yawa a kullum. Ka tura masu kuɗi ta asusu, su ƙirgo maka takardu, ka ɗora masu wani abu a kai. A inda nake saye, idan gari ya yi lafiya ana karɓar naira 1,000 a kan kowace 100,000, idan kuma tsaba ta yi wuya farashin yakan ninka.

To, mu koma kan waccan naira 200. Kamfanin da nake amfani da na'urarsa yana cirar rabin naira a cikin kowace naira ɗari, wato kusan naira 50 a kan cinikin 10,000. Tsabar da na miƙa wa mutumin na saye ta ne a kan naira 100. Abin da ya saura mini naira 50 ne. Ga kuma harajin naira 50 da gwamnati ke cira a kan tura kuɗin da ya kai 10,000, wanda ya fara shafar asusun kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya a watan Disamba na 2024, kuma duk inda ya faɗo a kan mai rumfa, ko dai ya haɗiye shi ko ya ɗora wa abokin ciniki a yi ta jayayya. A ce a rana mai kyau mutum 40 sun ciri 10,000 kowanne. An karɓi caji na naira 8,000, kamfani ya ɗauki 2,000, idan rabin tsabar aka saya rabi kuma masu tura kuɗi suka kawo, an kashe wata 2,000. Naira 4,000 da ta rage daga cikinta za a biya hayar wuri, da takardar rasit, da datar na'ura, da cajin batir, da masu karɓar haraji na ƙaramar hukuma, da ladan yaron da ke zama a rumfa idan mai ita ya tafi neman tsaba.

Wani zai tambaya, to katin waya fa? Kamashonsa bai taka kara ya karya ba, domin naira biyu zuwa uku ake samu a cikin ɗari, ma'ana wanda ya sayar da katin naira 20,000 a yini bai samu fiye da 600 ba, kuma idan ya kuskure lamba ɗaya wajen turawa asarar tasa ce. Dalilin da ya sa ba mu daina ba shi ne, mai sayen kati da tsaba yake biya, mu kuma daga asusu ake cire mana. Wato duk katin da aka sayar yana mayar da kuɗin asusu tsaba ba tare da an biya gidan mai komai ba, sannan yana kawo ƙananan takardu na canji. Haka nan mai tura kuɗi ya fi mai cirewa daraja a wurinmu, shi ya sa wasu ke rage masa caji.

A nan ne batun jari yake haɗuwa da batun tsaro, kuma shi ne ɓangaren da na ga ba a cika magana a kai ba. Masu cire kuɗi da safe suke zuwa, amma masu kawo tsaba, wato direbobin A Daidaita Sahu da masu shaguna da masu sayar da abinci, sai bayan magariba suke zuwa, idan sun tashi daga aiki. Saboda haka lokacin da akwati ya fi cika shi ne lokacin da titi ya yi duhu, bankuna sun rufe, kuma duk wanda ya zauna yana kallo daga nesa ya san abin da ke ciki. Wanda ya rufe da wuri ya tsira da ransa, amma gobe da safe sai ya sayi tsaba. Wanda ya kai ƙarfe tara ya samu tsaba kyauta, amma zai ratsa lungu da ita zuwa gida, a daidai lokacin da masu ƙwacen waya ke yawo da wuƙa. Dabarun da muke yi sanannu ne: ba a barin fiye da abin sallamar mutum biyu ko uku a akwati, ana kai sauran ajiya wurin amintaccen mai shago kafin duhu, ba a ƙirga kuɗi a gaban mutane, ba a kuma bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya kullum. Duk da haka babu inshorar da yawancinmu ke da ita, kuma wanda aka yi wa fashi jarinsa ne kacokan ya tafi.

Ɓarawon da ba ya ɗauke da makami shi ma yana nan. Wani zai nuna maka hoton rasit a wayarsa, ko kuma saƙon shigar kuɗi na bogi ya faɗo a taka wayar, yana ta gaggawa yana cewa mota na jiran sa. Babu abin da ke tabbatar da biya sai ka buɗe asusunka da kanka ka ga kuɗin ya ƙaru, kuma ka ga sunan wanda ya turo. Wanda aka yaudara da naira 20,000 ya yi asarar ribar kwana biyar a lissafin da na kawo a sama. Akwai kuma ranar da sabis ya lalace, na'ura ta fitar da rasit mai ɗauke da Declined, amma bankin mai kati ya cire masa kuɗi. Kuɗin bai iso wurinmu ba, bankinsa ne zai mayar masa, kuma abin da ya dace shi ne a ba shi rasit ɗin ya kai ƙorafi can. Amma fahimtar da mutumin da ya ga an cire masa kuɗin maganin ɗansa ba abu ne mai sauƙi ba, kuma sau da yawa sai maƙwabta sun shiga tsakani.

Mafi muni shi ne kuɗin sata. Idan aka turo kuɗin damfara ko aka zo da katin da aka sace, mai laifin ya karɓi tsaba ya ɓace, sawun da ya rage kuwa asusun mai rumfa ne. Sai a wayi gari an kulle asusun da dukan jarin da ke ciki, shi kuma ana gayyatar sa ofishin 'yan sanda. Wannan ne ya sa nake ganin dokar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a watan Disamba na 2024, wadda ta taƙaita abin da mutum ɗaya zai cira a wurin wakili, wato mai POS irinmu, zuwa naira 100,000 a rana, tana da amfani gare mu, ko da yake abokan sana'ata da dama ba su yarda da ni ba. Ta ba mu hujjar ƙin baƙon da ya zo da babban ciniki ba tare da an ce mun wulaƙanta shi ba. Ni kaina duk cinikin da ya haura 50,000 sai na rubuta suna da lambar waya da lokaci a littafi, idan kuma sunan da ke kan kati ko kan turin bai dace da katin shaidar mutum ba, ina ba shi haƙuri.

Ranka ya daɗe, ita wannan doka ta kuma ce wakili ba zai fitar da fiye da naira miliyan 1.2 a rana ba. An faɗi iyakar abin da za mu bayar, amma ba a gyara hanyar da za mu samo shi ba. A shekarar 2024 an umarce mu da yin rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, kuma da yawa daga cikinmu sun yi, saboda haka ba a rasa yadda za a tantance wakili na gaskiya ba. Roƙona ga Babban Banki shi ne ya wajabta wa bankuna ware wa wakilai masu rajista taga ta musamman da wani adadin tsaba tabbatacce a kowace safiya, ya kuma sa wa'adin kwanaki da za a kammala bincike a kan asusun da aka kulle. Idan aka yi haka, to a ƙayyade caji a liƙa shi a jikin kowace rumfa, a kuma karɓe na'urar duk wanda ya ƙetare shi.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Wani mai rumfar POS da katin waya,
Kano.