Auwalu, gyara kan labarin gobarar nan

Assalamu alaikum Auwalu, ya aiki ya Gombe. Na ga labarin da ka rubuta jiya, kuma kafin ma in gani gwaggonka ta kira ni daga Kumo tana kuka, wai kasuwa ta ƙone kuma ɗanta bai ɗaga waya ba.

Kai ka rubuta "Innalillahi! Gobara ta lashe kasuwa ƙurmus, abin da ya faru zai girgiza ka". Da na karanta har ƙasa sai na tarar shaguna 3 ne a layin masu atamfa, cikin dare, kuma ba wanda ya rasu. To ina ƙurmus ɗin? Kuma kai ma ka sani a wurinmu in aka fara da innalillahi mutuwa mutum yake jira ya ji, shi ya sa baiwar Allah ta rikice. Ni da zan rubuta cewa zan yi "Gobarar dare ta ƙone shaguna 3 a layin masu atamfa a Gombe, ba a rasa rai ba". Adadin nan da sunan layin su za su jawo mai karatu, duk mai ɗan uwa a layin sai ya buɗe, ba sai ka ɓoye masa komai ba.

Layukan farko kuma ka cika su da "jama'a sun shiga tashin hankali mara misaltuwa", alhali abin da ya fi daɗin ji ka binne shi can ƙarshe, maigadin da ya ga hayaƙi wajen ƙarfe 2 ya bi yana buga ƙofofi yana tada masu kwana a wurin, suka yi ta jan dilolin atamfa waje kafin 'yan kwana-kwana su iso. Da shi za ka buɗe, jimla biyu, sannan sauran bayani ya biyo.

Sai maganar wutar lantarki. Ka ce ita ta jawo, wa ya tabbatar maka? In masu shagunan ne suka faɗa sai ka rubuta suna zargin wutar lantarki ce. Haka "asarar miliyoyin naira", ko dai ka jingina ta ga wanda ya ƙiyasta ko ka cire ta, don mai shago ran da abu ya same shi lissafinsa da zafin rai yake fitowa.

Gobe kafin ka saki wani labari karanta wa abokin zamanka kan labarin kaɗai, ka ce ya faɗa maka me ya faru. In ya ce kasuwa ta ƙare alhali shaguna 3 ne, koma ka sake.

Ka kira gwaggonka ka ba ta haƙuri, ɗan nata barci yake yi ashe. Mamanka na gaishe ka.

Babanka, daga Bauchi