Rahoton Ayyukan Shekara: Abin da Awon Rafin Bayan Gari Ya Nuna Game da Wutar Lantarki

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu 'yan ƙungiya, na gida da mazauna Ngaundere, Garwa da Marwa.

A taron bara kun ɗora wa kwamiti ayyuka uku. Biyu daga ciki ba su da dogon bayani: an gyara famfon rijiyar makaranta, an kuma sauya kwanon rufin aji biyu kafin ruwan Afrilu ya sauka. Ma'aji zai karanta lissafinsu da rasit a zaman gobe. Na ukun shi ne a binciko ko rafin bayan gari, inda yake faɗowa daga kan dutse, zai iya ba mu wutar lantarki. Shi ya ci mafi yawan lokacinmu, kuma a kansa ne za ku yanke shawara, don haka shi za mu baje.

Ƙarfin da ruwa ke bayarwa ya rataya a kan abu biyu: yawan ruwan da ke wucewa a kowane sakan, da tsayin da yake gangarowa. Ana ninka ɗaya da ɗaya, sannan a cire abin da zai salwanta a bututu da inji. Da lissafin nan aka gina madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai mai megawat 72, kuma da shi za mu auna ɗan rafinmu. Injiniyan da ya taimaka mana, ɗan garin nan ne da ke aiki a Ngaundere, ga yadda ya rubuta shi:

```
P = 9.81 × Q × H × η
```

Q shi ne lita nawa a sakan, H tsayin gangara a mita, η kason ƙarfin da ke tsira bayan asara, P kuma wat ɗin da za a samu. A ƙananan injuna irin wanda muke magana, kusan rabi ne ke tsira. Saboda haka wanda ba shi da takarda a hannu ya ninka lita da mita, ya sake ninkawa da 5, zai sami amsar da ba ta yi nisa da gaskiya ba.

Mun fara da tsayi, domin shi ba ruwansa da damina ko rani. Wasu samari sun ce a duba a waya kawai, tunda tana nuna tsayin wuri. Injiniya ya hana, ya ce waya na iya kuskuren mita goma ko fiye, mu kuwa gangarar gaba ɗaya ba ta kai mita talatin ba. Abin da aka yi amfani da shi tiyo ne fari mai nuna ciki, irin na magina, mita 20, da sanda mai alamar santimita. A cika tiyo da ruwa, a tabbatar babu kumfar iska a ciki, don kumfa ɗaya tana ɓata awo. Mutum ɗaya ya tsaya sama ya riƙe bakin tiyo a jikin turke, ɗaya ya gangara ya ɗaga nasa bakin a jikin sanda har ruwan ya natsu. Ruwan bakin nan biyu daidai suke tsayawa, sai a karanta tsayinsa daga ƙasa a jikin sanda, a rubuta, a kafa sabon turke, na sama ya sauko nan, a sake. Daga ƙarshe a tara lambobin. An yi awon daga sama zuwa ƙasa aka sami mita 24.3, aka maimaita daga ƙasa zuwa sama aka sami 23.8. Muka riƙe 24.

Wani zai ce ai daga bakin dutse zuwa tafkin ƙasa ya fi haka. Gaskiya ne, ya kai 26. Amma ɗakin inji ba zai zauna a bakin tafki ba. Jauro da dattawa sun nuna mana inda ambaliya ke kaiwa a watan Agusta, ga ma busasshiyar ciyawa da ta maƙale a rassan itatuwa tana shaida. Dole ɗakin ya hau sama da wannan alama, shi ya ci mana mita biyu.

Yawan ruwa shi ne inda magana take. An fara auna shi a watan Satumba, rafi na cike. An zaɓi wuri miƙaƙƙe mai tsawon mita 10, faɗinsa mita 2.4, zurfinsa idan aka auna wurare da yawa aka raba ya kama santimita 35. Aka riƙa sakin gorar roba mai rabin ruwa ana duba agogo, tana cin mita goman nan cikin sakan 14. Ruwan sama-sama ya fi na gindi da na gefe gudu, balle a rafi mai duwatsu, don haka ana ɗaukar kashi 60 cikin 100 ne kawai na gudun gorar. Lissafi ya ba da kusan lita 360 a sakan. Ninka da mita 24, ninka da 5: wat 43,200, wato kusan kilowat 43. Wannan lamba ce ta fita gari kafin mu gama aiki, har aka fara zancen injin niƙa, walda da firji a kowane shago. Muna roƙon 'yan'uwa su ajiye ta gefe.

A ƙarshen Maris, kafin ruwan farko, muka koma. Rafin ya tsuke har yaro na tsallake shi, gora ma sai ta maƙale a duwatsu, awon gora ba zai yi ba. Sai aka tare shi da buhunan yashi da leda, aka bi da ruwan duka ta kan kwanon rufi da aka lanƙwasa, yana zuba cikin duro mai cin lita 200. Duron na cika cikin sakan 8, wani lokaci ya ɗan haura, wani lokaci ya ɗan gaza. Wato lita 25 a sakan, kashi ɗaya cikin goma sha huɗu na abin da muka gani a Satumba. Mu gode wa Allah ma da muke kan tudun Adamawa. 'Yan'uwanmu na Marwa sun san yadda mayo ke komawa yashi zalla da rani.

A kan lita 25 ɗin nan za a gina komai, domin injin da aka yanka wa ruwan damina, idan rani ya yi ba zai sami abin da zai juya shi yadda ya kamata ba, kuma a watannin zafi ne aka fi bukatar wuta a ɗakin shan magani. Ko su 25 ɗin ba namu ba ne duka. Tsakanin inda za a ɗebi ruwa da inda zai dawo rafi akwai mashayar shanu da wurin wankin mata. Bayan zama da Ardo da shugabar mata, an amince a bar lita 5 su bi hanyarsu. Saura 20.

Daga nan sai asara. Bututun zai yi tsawon mita 140, kuma ruwa na gogar jikinsa yana rasa ƙarfi, kamar dai an rage tsayin gangarar ne. Mun nemi farashin bututun roba iri biyu. A mai faɗin milimita 110, lita 20 na gudun kusan mita biyu da rabi a sakan, gogayya ta cinye kusan mita 7 daga cikin 24. A mai milimita 160 gudun bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, asarar kuma har da ta gwiwoyi da bawul ba ta fi mita ɗaya da rabi ba. Ƙaramin ya fi araha nesa ba kusa ba, amma zai ɗauke mana kusan kwata na wutar muddin yana binne a ƙasa. Kwamiti ya zaɓi babban. Da shi, tsayin da ke aiki mita 22.5 ne.

Lita 20 sau mita 22.5 sau 9.81 ya ba da kusan wat 4,400. Wannan ƙarfin ruwa ne a bakin inji, ba wuta ba tukuna. Turbin, wato fankar da ruwa ke juyawa, irin wadda ake ƙerawa a ƙaramin gareji, tana fitar da kamar kashi 65 cikin 100. Bel ya ci kashi 5 na abin da ya rage, janareta ƙarami ya ci kashi 20. Abin da zai fito ɗakin inji kusan wat 2,200 ne. Wayar da za ta kawo wutar cikin gari za ta ci kamar kashi ɗaya cikin goma. A ƙofar gidaje ke nan muna da abin da ya kusa wat 2,000, dare da rana, duk shekara, in ba a sami ranin da ya fi na bana tsanani ba.

Me wat 2,000 za su yi? Gidaje 60 suka rubuta suna. Idan kowane gida ya sami wat 25, wato ƙwan fitila uku masu wat 5 da cajin waya, an tafi da 1,500. Ɗakin shan magani, masallaci da makaranta mun ware musu 300. Ɗan abin da ya rage bai kamata a taɓa shi ba. Injin niƙa mai lantarki yana neman kilowat biyar zuwa bakwai, kuma lokacin tashi yana jan ninkin haka, saboda haka ba ya cikin wannan tsari. Zai ci gaba da shan man gas. Dutsen guga ɗaya wat dubu ne, rabin wutar gari ke nan. In mutum biyu suka jona a lokaci guda, alamar farko fitilu su dushe ko'ina, sannan a ji sautin inji ya sauka. Shi ya sa injiniya ya ce kowane gida a sa masa ɗan makatsi da zai yanke wuta idan an wuce kason gidan, kada abin ya zama rigima tsakanin maƙwabta.

Da rana kuwa akasin haka ne. Ruwa ba ya jiran kowa, inji na ba da wutarsa ko an kunna fitila ko ba a kunna ba, kuma idan babu mai ja sai ya yi gudun da ya wuce kima. Akwai na'urar da ke karkatar da rarar zuwa hita a cikin tankin ruwa, dole a saye ta tare da inji. Maimakon wutar rana ta tafi a dafa ruwa kawai, kwamiti na ganin a ba firjin allurar rigakafi, teloli da shagon caji.

Awon rani ɗaya bai isa a kashe kuɗin jama'a a kai ba. Dattawa sun ce sun ga shekarun da rafin ya fi haka ƙanƙancewa, ko da yake ba su taɓa ganin ya ƙafe ba. An kafa sandar awo a jikin dutse kusa da mashaya, malamin makaranta da ɗalibansa na aji shida za su riƙa rubuta tsayin ruwa kowace Juma'a, za a kuma maimaita awon duro a Fabrairu, Maris da farkon Afrilu. Idan ruwan ya sauko zuwa lita 20 gaba ɗaya, to abin da za a ɗiba ya koma 15, wutar ta sauko kusan wat 1,500, sai a rage kason gida ko a haɗa da sola a ɗakin shan magani.

Abin da muke nema taro ya amince da shi bana: a ci gaba da awo har Afrilu, a hana sare itatuwa da kunna wutar daji a kan idon rafin tare da goyon bayan Jauro, a kuma ba kwamiti izinin zuwa ofishin ruwa da makamashi na yanki don jin takardun da ake bukata kafin a taɓa rafin. Maganar sayen bututu da inji a bar ta sai taro mai zuwa. Littafin awo yana hannun sakatare, duk mai son duba lambobin da idonsa ya same shi bayan sallar La'asar.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamitin ayyuka