Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Mata Masu Sayar da Abinci

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa.

Bana zancen farin magi ne ya cinye mana yawancin tarurruka. Tun bayan ƙaramar salla mambobi suke kawo kuka cewa masu saye na ƙin miyarsu, wai farin magi na sa ciwon kai. Shi ya sa kwamiti ya gayyato wata malamar ilimin abinci.

Malama ta ce sunansa monosodiyam gulutamet, a jikin leda kuma za ku ga MSG ko E621. Gulutamet, wani sinadari mai ƙara wa abinci daɗi, shi ne aka haɗa da sodiyam, sinadarin nan da ke cikin gishiri. Wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya tace shi daga ciyawar teku a 1908, yanzu kuwa daga rake ko rogo ko masara ake yinsa, ta hanyar tsimawa. Ta ɗaga ƙullin daddawa da cikakken tumatir ta ce ga gulutamet nan a hannunta. Idan kalwa ta kwana uku a rufe tana ruɓa, gulutamet ɗin cikinta ke fitowa, shi ne daɗin da kakanninmu ke nema a miyar kuka. Akwai shi a busasshen kifi, har a nonon uwa, kuma jiki ba ya bambanta na leda da na daddawa. Wata Hajiya cikin iyayenmu ta shinshina daddawar ta ce, "Ashe tun ina yarinya nake cinsa."

Zargin da ake wa farin magi ya faro ne a 1968, daga wasiƙar da wani likita ya aika wa mujallar likitoci a Amurka. A shekarar 2000 aka buga sakamakon gwajin mutum 130 masu cewa yana damunsu. Aka riƙa ba su giram 5 ba tare da abinci ba, wani lokaci na gaske, wani lokaci na bogi, ba su san wanne suka sha ba. Wasu sun ji ciwon kai ko nauyin jiki, amma da aka maimaita yawancinsu ba su riƙa jin haka a kowane karo ba. Farin magin da ke cikin kwanon abinci kuwa yawanci bai kai rabin giram ba. A 2018 ƙungiyar masana ciwon kai ta duniya ta cire shi daga jerin abubuwan da ke haddasa ciwon.

Abin da ya fi damuna shi ne gishiri. Muna zuba gishiri, mu zuba dunƙule, mu ƙara farin magi, duk a tukunya ɗaya, kowanne da sodiyam ɗinsa, yawan sodiyam kuwa na jawo hawan jini. Don haka muka shirya awon jini a taron ƙarshe, aka tura waɗanda nasu ya hau asibiti. Wadda ciwon kai ya ƙi sakinta ta je a duba ta, kar ta tsaya ga zargin miya.

Baɗi za mu koyi rage gishiri a miyar sayarwa. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin taro na gaba.

Sakatariya