An ce in biya ƙarin shekara biyu a lokaci guda

Assalamu alaikum, Barista. Allah ya ƙara basira. Na daɗe ina bibiyar filinka, yau kuma abin ya zo kaina, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ina haya a wani gida da yarjejeniyar shekara 3, ina biya wata-wata. Don lissafi ya zo da sauƙi, a ce hayar wata 1,000 ce. Wata 24 ke nan ina biya, ban taɓa lattin ko kwana ɗaya ba, rasit ɗina duk suna cikin ambulan ɗaya da takardar yarjejeniyar. Ana cikin watan 24 sai wakilin mai gidan ya turo mini saƙo ta waya, wai daga wata mai kamawa haya ta koma 1,210, kuma akwai bashin baya na 1,200 da zan haɗa in biya. Ina tsaye a bakin ƙofa da makulli a hannu na karanta, na amsa masa da "To, na gani." Wannan amsar tana daga cikin abin da ke hana ni barci, zan dawo kanta.

Da dare na zaro takardar. Gaskiya ranar da na sa hannu, sashe na 7 wucewa kawai na yi ta kansa, hankalina na kan samun ɗaki. Ga abin da ya ce: "Mai gida yana iya ƙara kuɗin haya sau ɗaya a kowane wata 12, bayan ya ba ɗan haya sanarwa a rubuce ta kwana 60, kuma ƙarin ba zai wuce kashi 10 cikin ɗari na kuɗin hayar da ake biya a lokacin ba."

Ba na musun cewa yana da ikon ƙari. Na fahimci cewa da babu wannan sashe, da hayar ta tsaya yadda muka yanke har wa'adi ya cika, sai dai in na yarda da kaina. To sashen yana nan, da sa hannuna a ƙarƙashinsa. Abin da nake so in gane shi ne inda ikon ya tsaya.

Na kira wakilin na ce ya fayyace mini lissafinsa. Ya ce a watan 13 ya kamata haya ta koma 1,100, mai gida ya manta. Yanzu a watan 25 an sake ɗora kashi 10 a kan 1,100 ɗin, shi ne 1,210. Bashin kuwa 100 ne na kowane wata, sau 12. Wato ya ɗauka tamkar ƙarin farko ya auku da kansa ba tare da kowa ya furta ba.

A nan nake ganin ya zame. Takardar cewa ta yi "yana iya ƙara", ba ta ce "haya za ta ƙaru" ba. In da na biyun aka rubuta, da ranar na cika ƙarin ya hau, ko an faɗa ko ba a faɗa ba, da sai in rufe bakina in nemo kuɗi. Amma "yana iya" dama ce aka ba shi, aka kuma ɗaure ta da sharaɗin sanarwa. A watan 13 babu sanarwar da ta zo, babu wanda ya ce mini uffan. Na biya 1,000, aka karɓa, aka rubuta mini rasit cewa na biya hayar watan. Ta yaya zan ci bashin ƙarin da ba a taɓa yi ba? Kwana 60 ɗin ma ai an sa su ne don mutum ya shirya aljihunsa kafin abu ya same shi, ba za a ƙirga su da baya-baya ba.

In ƙarin farko bai auku ba, to "kuɗin hayar da ake biya a lokacin" 1,000 ne, kashi 10 ɗinsa 100. Iyakar abin da zai iya nema 1,100 ke nan, kuma sai kwana 60 sun cika daga ranar da sanarwa ta iso ni. Ko da gobe, farkon watan 25, ya kawo takarda, sabon kuɗi ba zai fara ba sai watan 27. Na zauna da biro na haɗa shekarar ƙarshe. A nasa lissafin zan biya 14,520 da bashin 1,200, jimla 15,720. A nawa, wata 2 a tsohon kuɗi da wata 10 a sabo, 13,000. Tsakaninmu 2,720, hayar kusan wata uku. Ba abin da zan ɗaga wa hannu ba ne.

Sai dai ba na so in yaudari kaina, don akwai abin da ya tsaya mini a rai. Can ƙasa, sashe na 15 ya ce in ɗayanmu ya jinkirta amfani da wani haƙƙinsa, ba ya nufin ya yafe shi. Wakilin ya riƙe wannan gam, har sau biyu ya karanto mini. Ni yadda na fahimta, abin da sashen ya kare masa shi ne ikon yin ƙari yanzu, kada in ce tunda ya yi shiru shekara biyu ya rasa damar gaba ɗaya. Ban ga inda ya ba shi ikon tara ƙarin bara ya haɗa da na bana ba, tunda sashe na 7 ya ce sau ɗaya, ya kuma sa rufi. Amma ni ba lauya ba ne, kuma mai buƙata yakan ga abin da yake so a takarda. Shin fahimtata za ta tsaya a gaban alƙali? Na kuma ji ana cewa in magana ta ɗauki ma'ana biyu a yarjejeniya, kotu kan karkata ga wanda ba shi ya tsara ta ba. Wannan takarda su suka kawo ta a buge, nawa sa hannu ne kawai.

Sai batun saƙon waya. Rubutu ne, ban musa ba. Amma sashe na 12 ya ce duk sanarwa a miƙa ta hannu da hannu a adireshin gidan, mai karɓa ya sa hannu. Ba a yi haka ba. To kwana 60 ɗin sun fara tafiya daga ranar saƙon, ko ba su ma fara ba? Kuma "To, na gani" da na rubuta, za a iya cewa amincewa ce? Wallahi nufina saƙon ya iso, shi ke nan.

Ƙarshen wata ya matso, nan ne nake buƙatar shawararka da gaggawa. In na biya 1,210 don a zauna lafiya, ina tsoron a ce na karɓi sabon kuɗin da aikina. In na ƙi biyan komai, na ba su hujjar cewa ni ne na karya yarjejeniya, wannan kam ba zan yi ba. Abin da nake shirin yi shi ne in biya 1,000 a ranar da na saba, ta hanyar da za ta bar shaida, in haɗa da wasiƙa cewa ban amince da 1,210 ko bashin baya ba, amma a shirye nake in biya 1,100 da zarar an kawo sanarwa yadda sashe na 12 ya tsara kuma kwana 60 sun cika. In wakilin ya ƙi karɓar 1,000 ɗin, yaya zan yi da kuɗin don kada a ce ban biya ba? Kuma ko akwai dokar haya da ke saman takardarmu, wadda ya kamata in duba kafin in aika wasiƙar?

Mai gidan dattijo ne, ba mu taɓa sa-in-sa ba, kuma ina so in sabunta zama in wa'adi ya cika. Ko in fara zuwa wurinsa da kaina da takardar a hannu, kafin wasiƙa ta riga ni isa?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Naka,
Wani ɗan haya