Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Harkokin Waje: iyakar hujjar "mun ƙi tun farko"

Mai girma Minista,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan hujjar da lauyoyin gwamnatoci kan ɗauko idan aka zargi ƙasa da saɓa dokar ƙasa da ƙasa ta al'ada, wato wadda ta samu daga abin da ƙasashe suka saba yi bisa yarda cewa wajibi ne. Hujjar ita ce ƙasar da ta ƙi wata doka tun tana tsiro, ta bayyana ƙinta a fili ga sauran ƙasashe, ta kuma dage ba tare da ja da baya ba, dokar ba ta hau kanta ba. Roƙona shi ne ma'aikatarka ta san inda wannan hujja ta tsaya.

Hujjar tana da asali mai kyau. A 1951 Birtaniya da Norway sun gurfana gaban Kotun Duniya kan kamun kifi, inda Birtaniya ta ce layin da ake ja don rufe bakin mashigin teku bai kamata ya wuce mil 10 ba. Kotun ta ce wannan ma'auni bai zama doka ta kowa ba, kuma ko da ya zama, ba zai yi aiki a kan Norway ba, domin ba ta taɓa yarda a ɗora shi a gaɓarta ba. Abin da ake jayayya a kai ruwa ne da kifi, kuma ƙasashe biyu suna iya sasantawa a kansa yadda suka ga dama.

Ranka ya daɗe, dokokin dole ba haka suke ba. Sashe na 53 na Yarjejeniyar Vienna ta 1969 kan dokar yarjejeniyoyi ya bayyana su da cewa dokoki ne da al'ummar ƙasashe baki ɗaya ta amince ba a kauce musu, kuma duk yarjejeniyar da ta ci karo da su ɓatacciya ce. Haramcin kisan ƙare dangi, da bauta, da azabtarwa, da wariyar launin fata suna cikinsu. To, idan ƙasashe biyu ba su da ikon sa hannu a takarda su halatta wa junansu cinikin bayi, ta yaya ƙasa ɗaya za ta samu wannan iko don kawai ta daɗe tana cewa ba ta yarda ba? Waɗannan dokoki mutane suke karewa, kuma wanda ake azabtarwa ba shi ne ya aika takardar ƙin amincewa ba. Shi ya sa Hukumar Dokokin Ƙasa da Ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta faɗa ƙarara a 2022, a matsaya ta 14 cikin matsayoyin da ta fitar kan dokokin dole, cewa hujjar dagewa kan ƙi ba ta aiki a kansu.

An gwada abin a aikace. Amurka ta daɗe tana kare ikonta na yanke hukuncin kisa ga wanda ya yi laifi kafin ya cika shekara 18, har ta keɓe kanta daga wannan sharaɗi lokacin da ta shiga yarjejeniyar 'yancin jama'a da siyasa a 1992. A ƙarar Domingues, wanda jihar Nevada ta yanke wa hukuncin kisa kan laifin da ya yi yana ɗan shekara 16, Amurka ta kawo wannan hujja gaban Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasashen Nahiyar Amurka. A 2002 hukumar ta ce haramcin ya riga ya kai matsayin dokar dole, saboda haka daɗewar ƙin ba ta fisshe ta ba. Gaskiya ne cewa hukumar ba kotu ba ce, kuma Kotun Ƙolin Amurka ce ta soke irin wannan hukunci a 2005 bisa tsarin mulkin ƙasar, amma ta ambaci ra'ayin sauran duniya.

Akwai ƙorafi guda da na ɗauka da muhimmanci, wato tsoron kada manyan ƙasashe su ƙirƙiri dokar dole su ƙaƙaba wa ƙanana. Amsarsa tana cikin ma'aunin kansa, domin ana buƙatar amincewar gagarumin rinjaye na ƙasashe daga sassan duniya dabam-dabam, ko da yake ba lallai sai kowace ƙasa ta yarda ba. Idan ƙasashe da yawa suka ƙi, wannan shaida ce cewa dokar ba ta kai matsayin ba tukuna. Ƙin ƙasa ɗaya kuwa, kamar na Afirka ta Kudu a zamanin wariya, bai hana dokar ɗaure ta ba.

Don haka nake roƙon ka umarci wakilanmu a Kwamiti na Shida na Babban Zauren Majalisar, mai kula da harkokin shari'a, su goyi bayan matsaya ta 14 a fili. Idan kuma muna da ja a kan wata dokar al'ada da ke tasowa, misali kan iyakokin ruwa, su rubuta shi da wuri, su maimaita shi a duk zaman da batun ya taso.

Naka cikin girmamawa,
Malamin dokar ƙasa da ƙasa