Rahoton kwamitin gyara: aikin famfon ban ruwa da ke gaɓar Logon, Kuseri

Assalamu alaikum, dattawanmu da 'yan uwa manoman rani. An kammala aikin da kuka ɗora mana, famfo ya koma aiki. Ga abin da muka tarar da abin da aka yi.

Tun shigowar bazara famfon ya fara ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a cikinsa, yana jijjiga, ruwan da yake turawa gonakin albasa ya ragu. Da yawa sun ce boris ne. Makanikinmu ya yi gwaji mai sauƙi: ya ɗan rufe bawul ɗin fita, sai ƙarar ta lafa. Lalataccen boris ba ya shiru don an rage ruwa. Da aka buɗe, sai ga farfela duk ƙananan ramuka, musamman a bakin fukafukanta kusa da inda ruwa ke shiga. Sil ɗin ma ya fara yoyo saboda jijjigar.

Wannan ciwo shi ake kira kabiteshan. Famfo mai farfela rage matsi yake yi a bakinsa, nauyin iskar sama ya danno ruwan kogi cikin bututu. In matsin ya faɗi ƙwarai, ruwa yakan tafasa ko da sanyinsa, ya yi ƙananan kumfa na tururi. Da kumfan sun matsa gaba inda matsi ya ƙaru, sai su rufta farat ɗaya, kowanne ya doki ƙarfe. Dukan nan ne ƙarar da muke ji, shi ne kuma yake cin farfela.

Kwamiti ya ƙi a sayi sabuwar farfela kawai a ɗaura, don ita ma haka za ta ƙare. Sai muka yi lissafin da ake kira NPSH, wato ragowar matsin da ke bakin famfo bayan an cire duk abin da ke rage shi, a ma'aunin mita na ruwa. A tsayin ƙasar Kuseri, iskar sama tana iya ɗaga ruwa kusan mita 10. Daga nan ake ragewa. Kogi ya ja baya har famfo ya koma mita 4.5 a saman ruwa. Tiyon zuƙa mai inci 3, tsawonsa mita 18, da gwiwa biyu da bawul ɗin ƙasa, yana cinye kusan mita 2.6 in ana jan mita kubik 40 a awa. Ruwa mai ɗumin digiri 30 yana ɗauke 0.4. Saura mita 2.5. Takardar famfon kuwa ta nuna NPSHr mita 3 a wannan gudun, wato abin da shi famfon yake buƙata. Yana bin mu bashin rabin mita.

Wannan ne ya sa bai yi kuka a Disamba ba. Lokacin ruwa yana sama da kusan mita biyu, ragowar ta isa. Famfon bai canja ba, kogi ne ya sauka. Kuma a sani, ko da lissafi ya zo daidai da mita 3 cif bai wadatar ba, domin masu ƙera famfo suna ɗaukar wannan adadi ne a inda ƙarfin turawa ya riga ya faɗi da kashi 3 cikin ɗari. Dole a bar rara.

Don haka aka gina sabon dandamalin siminti a gangaren gaɓa, mita 1.5 ƙasa da tsohon. Aka cire tiyo, aka sa bututu mai inci 4, mita 10, da gwiwa ɗaya. Abin da yake cinyewa bai wuce rabin mita ba, saboda a bututu mai faɗi ruwa a hankali yake tafiya. Mahaɗin da ke rage faɗin a bakin famfo an ɗaura shi shimfiɗaɗɗen gefensa a sama, kada iska ta maƙale. An sa sabuwar farfela da sil. Yanzu ragowar ta kai mita 6.1, ninki biyu na buƙata. An gwada shi da tsakar rana, ba ƙara, ruwa kuma ya kai gonar ƙarshe. Rasit ɗin kaya duk suna wajen ma'aji ga mai son dubawa.

Ruwa zai rufe sabon dandamalin in Logon ya cika, shi ya sa aka ɗaure injin da noti maimakon a binne ƙafarsa a siminti. A mayar da shi tsohon wurinsa kafin kogi ya taso. Masu kunna inji kuma, don Allah a riƙa share ciyawa daga ragar bawul ɗin ƙasa, ya zauna aƙalla rabin mita a cikin ruwa. In ana son rage ruwa, a rage ta bawul ɗin fita, kada a taɓa shaƙe ɓangaren zuƙa. Wanda ya sake jin ƙarar, ya kashe injin ya sanar da kwamiti.