Wasiƙa Daga Bauchi: Yadda Za Ka Gabatar da Kanka Cikin Minti Biyu

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan Bauchi. Saƙonka ya iso, kuma na yi farin ciki matuƙa da jin cewa kamfanin takin nan na Gombe ya kira ka intabiyu tun kafin ka karɓi takardar kammala hidimar ƙasa. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne maganarka cewa ba ka da abin faɗa idan aka ce ka ba da bayanin kanka, tunda ba ka taɓa aikin albashi ba. Ban yarda da wannan ba, domin na san abin da ka yi a shagon Kawu.

A kwamitin ɗaukar ma'aikata da nake zama a wajen aikinmu, yawancin sababbin masu digiri sukan fara da garin haihuwa, su bi ta firamare da sakandare, har lokaci ya ƙare ba su taɓo aikin da suka zo nema ba. Duk wannan yana cikin takardun da ke gabanmu. Abin da muke saurare shi ne ko mutum ya fahimci aikin, kuma ko yana da hujjar cewa zai iya.

Saboda haka ka raba minti biyun kashi uku, amma ba daidai wa daida ba. Daƙiƙa 20 na farko na matsayinka ne a yau: sunanka, digirinka na akanta daga Jami'ar Jihar Gombe, da inda kake hidimar ƙasa. Daƙiƙa 30 na ƙarshe na dalilin zuwanka wannan kamfani ne. Tsakiyar, wato kimanin daƙiƙa 70, ita ce amsar gaba ɗaya, kuma labari ɗaya tak za ka saka a cikinta.

Labarin shi ne na shagon hatsin Kawu a kasuwar Muda Lawal. Ka faɗi matsalar da ka tarar, da abin da kai da hannunka ka yi, da abin da ya biyo baya. Misali ka ce: "A hutun shekarata ta uku na tarar ana rubuta bashin masu sari a littafi ɗaya da cinikin yau da kullum, har ba a san wa ake bi nawa ba. Na ware wa kowane mai sari shafinsa, na mayar da lissafin cikin Excel, kuma duk ranar Asabar ina daidaita shi da kuɗin da ke hannu. Ta haka muka gano basussukan da aka manta da su, kuma har yau da wannan tsari shagon yake aiki." Idan ka tuna adadin kuɗin da aka karɓo, ka faɗe shi, amma kada ka ƙara ko sisi, domin tambayar da za ta biyo baya daga nan za ta fito, kuma wanda ya ƙara gishiri nan take yake fara in'ina. Ka lura kuma da cewa "na yi" ake so a ji a wannan wuri. Na san kunyarka, wadda ta sa ko a zauren gidanku sai an matsa maka kake magana, amma idan ka ce "mun yi" daga farko har ƙarshe, kwamitin ba zai gane rabonka a cikin aikin ba.

Daga nan sai ka haɗa labarin da bukatarsu. Kamfanin taki yana ba dillalai kaya bashi kafin damina, ya jira biya bayan kaka, don haka sai ka ce bin diddigin irin wannan bashi ne ka saba da shi, kuma shi ya ja hankalinka ga gurbin. Kada ka ce kana neman inda za ka ƙaru da ilimi kawai, kada kuma ka buɗe baki da ba da haƙuri kan rashin gogewa, tunda sun san sabon mai digiri suka kira.

Game da tsawo, minti biyu a magana cikin natsuwa bai wuce kalmomi 250 zuwa 280 na Turanci ba, wato kusan rabin shafi. Ka rubuta shi da harshen da za a yi intabiyun, ka ɗauki muryarka a waya, ka duba agogo. Idan ka kai minti ɗaya ba ka shiga labarin shagon ba, gabatarwar ta yi tsawo. Kada ka haddace shi kalma da kalma kamar karatun allo, domin kalma ɗaya tana suɓuce maka sauran za su bi ta. Ka riƙe jimlar farko da ta ƙarshe kawai, tsakiyar kuwa ka ba da ita yadda za ka ba ni labari.

Ka turo mini muryar da ka ɗauka kafin ranar, in saurara in gaya maka inda za a rage. Kawu yana gaishe ka, kuma ya ce littafin bashin yana nan idan kana son duba ainihin alƙaluman. Allah Ya ba da sa'a.

Naka har kullum,
Amininka